Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kiwon Lafiya da masu jagorancin rabon maganin tsutsar ciki

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Tawa, gare ku da ma'aikatan da ke tsara rabon maganin tsutsar ciki a Yamai.

Ni tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Rabin rayuwata na yi ta da ido ɗaya a kan madubin likita ina ƙirga ƙwan tsutsa cikin bayan gidan yara, aikin da ba wanda ke yi maka barka a kansa ranar suna. Na yi ritaya, amma duk shekara idan aka gama rabo nakan ji an ce gunduma kaza ta ba kashi 85 cikin ɗari na yaranta magani, wata ta kai 90, an wuce mizanin 75, sai a yi tafi. Ban rubuto don in rage wa kowa ladansa ba. Na rubuto ne domin wannan adadi ƙwayoyin magani yake ƙirgawa, alhali abin da ya kamata mu sani shi ne tsutsa nawa ta rage a cikin yaran, kuma ko ƙwayar da muke ba su tana kashe ta kamar da.

Mizanin 75 ba a Yamai aka haife shi ba. A 2001 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yanke cewa kafin 2010 a riƙa ba aƙalla kashi 75 cikin ɗari na yaran da suka kai shekarun makaranta maganin tsutsa a kai a kai. Ƙa'idar mai sauƙi ce: inda yara 20 cikin ɗari ko fiye suke ɗauke da tsutsa, a raba sau ɗaya a shekara, inda suka kai 50, sau biyu. Ƙwaya guda ce, albendazol mai miligiram 400 ko mebendazol mai 500, ba a tsaya auna kowane yaro, domin kuɗin gwajin ya fi kuɗin ƙwayar nesa ba kusa ba. Ƙasarmu ta shiga wannan aiki tun 2004, ana haɗa shi da maganin tsargiya, daga 2007 kuma aka gama shi da sauran cututtukan da aka yi wa sakaci, har a gundumomi da dama manya ma suka sha albendazol tare da maganin tundurmi. Ga kuma ƙananan yara da ake ba su tare da bitamin A. Shekara ashirin ke nan da ɗoriya muna zuba magani kusan iri guda cikin al'umma guda.

Bari in nuna yadda 85 kan zama 58 ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Adadin da zan kawo misali ne, amma duk wanda ya taɓa cika takardar rabo zai gane fuskarsa. A ce takarda ta nuna yankin wata likita na da yara 4,000 masu shekara 5 zuwa 14. Wannan adadi daga ƙidayar 2012 aka ciro shi, aka yi ta ƙara masa kaso kowace shekara a kan tebur. Masu rabo suka dawo da rajista mai nuna ƙwaya 3,400 ta fita. Majo ya raba 3,400 da 4,000, ya samu 85, ya aika sama. Amma kasuwa ta bunƙasa a garin, mutane sun taso daga wuraren da babu kwanciyar hankali sun sauka, yaran gaskiya sun kai 5,000. Cikin ƙwayoyin kuma 300 manya ne suka karɓa, don ba ka iya hana mai gari ko uwar gidan da ta ba ka ruwa, 200 kuma an damƙa su a hannu aka ce “kai wa ƙanenka”, suka ƙare a aljihu ko a bakin akuya. Waɗanda suka haɗiye a gaban mai rabo 2,900 ne. A raba da 5,000, sai ka ga 58. Na taɓa ganin takardar da ta nuna 112 cikin ɗari, aka yaba wa masu ita, alhali irin wannan adadi shaida ce kawai cewa ba mu san yawan yaran ba.

Da a ce waɗanda aka rasa bana su ne za a samu baɗi, da da sauƙi. Ba haka abin yake ba. Yaron da ya kuɓuce bana shi ne ya kuɓuce bara: almajirin da ke tsangaya, yarinyar da ke talla lokacin da mushe yake jera ƴan lakwal, ɗan makiyayin da ya bi dabbobi arewa da damina, yaran da ke taya iyayensu ban ruwan albasa a fadamun Magiya. Su ne kuma masu yawo ba takalmi a ƙasa mai laima, inda tsutsa mai ƙugiya ke huda tafin ƙafa ta shiga jiki ta je hanji tana tsotsar jini. Tsutsar ciki ba ta rabuwa daidai wa daida tsakanin mutane. Ƴan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawanta, su ne kuma ke zuba mafi yawan ƙwai a ƙasa. Macen macijin ciki guda takan saki ƙwai wajen 200,000 a rana. Maganin ba ya taɓa ƙwan da ke cikin ƙasa, shi ya sa cikin wata shida zuwa shekara yaran da aka wanke sukan sake kamuwa. Idan masu nauyin cutar ne kullum ke waje, sai mu cika mizani a takarda, tsutsa kuma ta ci gaba da aikinta.

Gyaran wannan matsala ba mai tsada ba ne. Bayan rabo da ƴan makonni, kafin mutane su manta, a tura waɗanda ba su da hannu a rabon su shiga gidajen da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, su nuna ƙwayar su tambaya: an ba ka wannan? Ka haɗiye? Sai a ƙara tambaya guda da ba a cika yi ba: ka taɓa sha ko sau ɗaya a rayuwarka? Amsar wannan ta ukun ita ce za ta nuna mana su wane ne rabo bai taɓa isa gare su ba, kuma da ita za a san ko a ƙara rana a tsangayu, ko a bi mashayar dabbobi a wajen Abalak da Cintabaradan, ko a sauya watan rabo gaba ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta matsa daga ƙirgar ƙwaya. Burin da ta sa na 2030 shi ne yaran da ke ɗauke da tsutsa mai matsakaicin yawa ko mai yawa su gaza kashi 2 cikin ɗari. Wannan kuwa ba a gane shi daga rajista, sai da madubi. Ga tsutsa mai ƙugiya, matsakaici yana farawa daga ƙwai 2,000 a giram ɗaya na bayan gida. Ga macijin ciki daga 5,000. Ga tsutsa mai bulala, wata siririya mai siffar bulala, daga 1,000. Hukumar ta kuma ce bayan shekara biyar ko shida na rabo mai kyau a sake aunawa a gyara tafiya. In masu tsutsa sun gaza 2 cikin ɗari, a dakata da rabo a sa ido. Daga 2 zuwa 10, sau ɗaya a shekara biyu. Daga 10 zuwa 20, sau ɗaya a shekara. Sai in sun haura haka ne za a ci gaba kamar da, ko a ƙara.

A nan ne nake roƙon ku dubi ƙasarmu da idon wanda ya san ta. Adar ba kudancin Benin ba ce. Ƙwan tsutsa na son laima da inuwa, ranar watan Afrilu a kan tudun dutse kuwa ba ta barin komai da rai. Na sha yin wuni ina duba gilashi bayan gilashi na yaran ƙauyukan tudu ban ga ƙwai ko ɗaya ba, sai dai na wata ƴar tsila da albendazol guda ba ya ma yi mata komai. Inda na fi cin karo da mai ƙugiya shi ne bakin fadama, wuraren noman rani na wajen Ƙonni da Galmi, da gefen tabkuna. Idan aka ɗauki gunduma sukutum aka yi mata hukunci guda, to ana ba dubban yaran da ba su da tsutsa magani, ana kuma tsallake ƴan tsirarun ƙauyukan da suka fi bukata. Wani zai ce ai ƙwayar kyauta ce, kamfanoni ne ke bayarwa, me za a rasa? Man babur ba kyauta ba ne, kwanakin malamai da masu shiga gida-gida ba kyauta ba ne, kuma akwai wata asara da ba ta fitowa a kasafi: ƙarfin maganin kansa.

Duk makiyayin da ya daɗe a sana'a ya san wannan labari, ko bai san sunansa ba. Albendazol da muke ba yara dangin wanda ake sayar wa masu tumaki ne a kasuwar dabbobi. Na farko a wannan dangi ya fito kasuwa a 1961, kafin 1964 har an ba da rahoton tsutsar tumaki da ta daina jin sa a Amurka. Yau a Ostareliya, Afirka ta Kudu da Barazil akwai garkunan da wannan dangin magani ya kusa zama musu gari. Yadda abin ke faruwa ba sihiri ba ne. Maganin yana kama wani sinadari a jikin tsutsa da ake kira tubulin, ya hana ta shan sukari, yunwa ta kashe ta. Cikin dubban tsutsotsi akan sami wadda gadonta ya ɗan sauya a gurbi guda, galibi gurbi na 167, 198 ko 200, sai maganin ya kasa kama ta da kyau. Ba maganin ne ya halicce ta ba, tana nan tun farko. Abin da magani ya yi shi ne ya share mata ƴan'uwanta, ya bar mata fili. Kamar manomin da fari ya kashe masa gero sai ƴan zangarniya suka tsira, ya ajiye su iri: baɗi gonarsa duk jikokinsu ne.

Likitocin dabbobi sun koyi darasi mai ɗaci daga nan. Sun gano cewa abin da ke jinkirta bijirewa, wato tsutsa ta daina jin magani, shi ne tsutsar da magani bai taɓa ba, wadda ke cikin dabbar da ba a ba ta ba ko ke kwance a makiyaya a matsayin ƙwai, domin ita ke auratayya da mai bijirewar ta tsarma gadonta. Sun kuma gano cewa a ƙasa mai fari bijirewa ta fi saurin zuwa, saboda da rani babu abin da ke raye a ƙasa, duk tsutsar duniya tana cikin cikin dabba, sai magani ya same ta gaba ɗaya, waɗanda suka tsira su kaɗai su haifi zuri'ar damina. Ban ce tsutsar mutum za ta bi sawun ta tunkiya taki-taki ba. Amma wanda ke raba magani da rani a ƙasar da ake yin wata takwas ba ruwa ya kamata wannan magana ta hana shi barci kaɗan.

Kun ga inda igiyar ta sarƙe. A sama na ce a nemo yaran da aka rasa, a nan kuma na ce tsutsar da magani bai taɓa ba tana da amfani. Ba na neman a bar yaro da ƙarancin jini don a adana ƙarfin ƙwaya, wannan ba magana ba ce. Abin da nake cewa shi ne a kai maganin inda cuta take, a janye shi daga inda ta kau, kuma kafin a faɗaɗa rabo zuwa ga kowa da kowa sau biyu a shekara, kamar yadda wasu ke ba da shawara don a katse yaɗuwa, a tabbata akwai idon da ke duba ko maganin na nan da ƙarfinsa.

Gaskiya ita ce har yau ba a tabbatar da bijirewa a tsutsar mutum ba yadda aka tabbatar a ta dabbobi. Sai dai an ga hayaƙi. A 1997 an wallafa wani bincike daga kudancin Mali, maƙwabciyarmu, inda mebendazol ya kasa yin abin kirki a kan tsutsa mai ƙugiya. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, bayan shekaru ana ba ƴan makaranta mebendazol, an ga ƙarfinsa a kan wannan tsutsa ya ragu. A Amurka kuma tsutsa mai ƙugiya ta karnuka ta bijire wa magunguna iri-iri. Mai bulala kuwa tun asali ƙwaya guda ba ta cika jin ta ba, don haka kada a ga ta tsira a ce sabon abu ne.

Ga yadda ake aunawa, kuma ba ya fin ƙarfin ɗakin gwajin babbar likitar gunduma. A samu yara aƙalla 50 da aka tabbatar suna da irin tsutsar da ake nema. A ɗauki bayan gidansu, a tace, a cika ramin ɗan faranti na hanyar Kato-Katz wanda ke ɗaukar miligiram 41.7, a rufe da ledar da aka jiƙa da giliserin, a ƙirga ƙwai, a ninka sau 24 don a samu na giram ɗaya. A ba su ƙwaya a gaban ido. Tsakanin kwana 14 da 21 a koma a sake ƙirgawa. Daga nan a kwatanta matsakaicin ƙwai na duka yaran kafin magani da na bayan magani. Ga albendazol, ana sa ran ƙwan macijin ciki ya ragu da kashi 95 ko fiye, na mai ƙugiya da 90, na mai bulala da 50.

A ce a wani ƙauyen fadama matsakaicin ƙwan mai ƙugiya 600 ne kafin magani, bayan kwana 18 ya koma 132. An rage 468 cikin 600, wato kashi 78. Mizani 90 ne, an gaza da 12, kuma ƙa'ida ta ce gazawar da ta kai 10 ko ta wuce alama ce ta raguwar ƙarfi. To amma kafin a buga wa Yamai waya a ce bijirewa ta zo, akwai tambayoyin da tsohon ma'aikaci zai fara yi. Kwalbar maganin ta yi wata nawa a ɗaki mai rufin kwano, kuma an kai samfurinta an auna ingancinta? Yaran sun tauna sun haɗiye, ko wasu sun ɓoye a kumatu sun tofar bayan katanga? Akwai masu zawo a ranar, waɗanda maganin ya wuce ta cikinsu da gudu? An koma a kan lokaci, ko an bari har wata biyu? Akwai yaro ɗaya ko biyu da ƙwansu ya yi yawa har suka ja matsakaicin sama? Sai an kawar da waɗannan duka, an kuma maimaita gwajin, sannan a yi maganar bijirewa.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro ma na ɗaya gefen ne, wanda ke sa magani ya yi kyau alhali bai yi ba. Ƙwan mai ƙugiya ɓawonsa siriri ne, giliserin na narkar da shi. In ba a duba gilashin ba cikin minti 30 zuwa 60, sai ya ɓace, a zafinmu ma ya fi sauri. Na taɓa aiki da wani matashi mai ƙwazo da ya shirya gilasai arba'in a jere da safe, ya tafi karyawa, ya dawo ya duba su bayan azahar ya rubuta sifili a kan kusan duka. Da ranar komawa ce, da rahoto ya ce magani ya yi aiki ɗari bisa ɗari. Shi ya sa nake cewa a riƙa rubuta lokacin shiryawa da lokacin dubawa a kan kowane gilashi, wani kuma ya sake duba ɗaya cikin goma ba tare da ya ga adadin na farko ba.

Gwajin yana da iyakarsa, kuma gara ku ji ta daga bakina. A tumaki an nuna cewa ƙirgar ƙwai ba ta cika gano bijirewa ba sai tsutsotsi masu ita sun kai wajen rubu'i, wato sai gobara ta ci ɗaki guda. Sannan inda cuta ta yi ƙasa, samun yara 50 aiki ne: in 10 cikin ɗari ne ke da ita, sai an tace yara 500. Don haka ba a kowace gunduma za a yi ba. A zaɓi wurare ƙalilan masu laima inda aka daɗe ana rabo, a riƙa komawa gare su bayan ƴan shekaru da hanya iri guda, domin gangarowar adadi daga 96 zuwa 92 zuwa 88 ta fi kowane gwaji guda faɗar gaskiya. Daga kowane zagaye kuma a ajiye ɗan samfuri cikin barasar gwaji, a aika wa cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, don a duba gurbin nan na gado yau ko bayan shekara goma. Abin da ba a ajiye bana ba, ba za a iya komawa a ɗauko shi ba.

In an ga ƙarfin ya ragu, ba a rasa mafita gaba ɗaya ba. Haɗa albendazol da wani magani mai suna ibamektin ya fi kama mai bulala, kuma magani biyu masu hanyar kisa daban sun fi wuyar kauce wa. A watan Janairun 2025 hukumar magunguna ta Turai ta amince da ƙwaya guda mai haɗe da su biyun. Amma ibamektin ana auna shi da nauyi ko tsawon yaro, ba a ba ƙanana ƙwarai, wato rabon zai ƙara wuya da tsada. Ba abin da za a juya gare shi dare ɗaya ba ne, sai an ga alama tun da wuri an shirya.

A watan Janairun 2025 ɗin dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta kawar da makantar kogi, ta farko a Afirka. Ba rajistar rabo aka kai aka samu wannan shaida ba. Ƙudaje aka kama aka gwada, aka ɗebi jinin yara aka duba. Ma'aikatan da suka iya wancan suna nan. Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne kafin a sa ranar rabo mai zuwa a jihar Tawa, a ware kuɗin binciken gida-gida da na ƙirgar ƙwai a cikin kasafin rabon kansa, ba a jira wani mai taimako ba, kuma a buga sakamakon gunduma-gunduma inda majo da mushe za su gani. In ana bukatar wanda zai zauna da matasa ya nuna musu bambancin ƙwan mai ƙugiya da ƙurar fure, idona na dama bai mutu ba tukuna, kuma gidana ba shi da nisa da tasha.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, Tawa